Jirgi Ne Ya Kawo Gyaɗa Kano?

A shekarar 1911 layin dogo ya iso Kano, a watan Afrilun 1912 kuma aka buɗe shi ga fasinja da kaya. Kafin wannan lokaci gyaɗar da ake fitarwa daga Najeriya gaba ɗaya ba ta kai tan 2,000 a shekara, yawancinta ma daga bakin kogin Kwara da Binuwai take fitowa. A 1913 an fitar da wajen tan 19,000. A 1916 adadin ya kai wajen tan 50,000, kuma mafi yawa daga ƙasar Kano. Duk wanda ya jera waɗannan shekaru da alƙaluma zai ji amsa ta faɗo masa da kanta: jirgi ya zo, gyaɗa ta tashi, don haka jirgi ne ya tayar da ita. Haka aka koya wa yawancinmu a makaranta, kuma ba ƙarya aka koya mana ba. Sai dai amsar ta fi tarihin gajarta.

Abubuwa biyu suna iya faruwa lokaci guda ta hanyoyi da dama. Ana iya samun na farko ya haifi na biyu. Ana iya samun na biyun ne ya janyo na farkon. Wani abu na uku da ba mu lura da shi ba yana iya haifar da su duka. Wani lokaci kuma faɗuwa ce kawai ta zo daidai da zama. Zakara yana cara kowace asuba, gari kuma yana wayewa, amma babu mai yanka zakara don ya tsawaita dare. A sha'anin zakara mun san gaskiya saboda muna iya gwadawa. Mu masu rubuta manhaja ma haka muke yi: idan aiki ya lalace bayan an yi sauye-sauye biyar, sai mu riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya muna sake kunnawa, har mu gano mai laifin. Tarihi ba ya ba da wannan dama. Ba za mu iya mayar da Kano 1912 mu cire jirgi mu ga abin da zai faru ba. Abin da ya rage mana shi ne mu nemi wurare da shekarun da tarihi da kansa ya cire abu ɗaya ya bar sauran, mu kwatanta.

Lissafin jaki

Mu fara da ba jirgi haƙƙinsa. Daga Kano zuwa Ikko ta layin dogo tafiyar kilomita 1,100 ce da ɗoriya. Mu ƙaddara jaki yana ɗaukar kilo 50, ayari kuma yana cin kilomita 25 a yini. Tan ɗaya na gyaɗa zai buƙaci jakuna 20, su yi kwana 44 a hanya, da masu kora da abincinsu da kuɗin fito, ga kuma tsando da ke kashe dabbobi idan an gangara kurmi. Tan ɗayan nan kuwa a kasuwar Kano ta wancan zamani kuɗinsa 'yan famfamai ne. Kafin a kai rabin hanya ɗawainiya ta cinye uwar kuɗi. Tan 19,000 na 1913 kayan jaki 380,000 ke nan.

Wannan lissafi shi ya bayyana dalilin da fataken Kano suka shafe ɗaruruwan shekaru suna safarar goro, tufafi, fatu da kanwa, ba su taɓa safarar gyaɗa zuwa gaɓar teku ba, alhali tana nan a gonaki, mata suna matse mai suna toya ƙuliƙuli. Kaya mai tsada marar nauyi shi ke jure doguwar tafiya. A Sanagal da Gambiya, inda gonaki ke kusa da teku da kogi, tun wajen 1840 ake lodin gyaɗa zuwa Turai. Kano ta makara da shekara saba'in, kuma nisa ne ya makarar da ita.

To, ke nan ba don jirgi ba da ba a yi ba. Amma "ba don shi ba da ba a yi ba" daban yake da "shi ya sa aka yi". Na farko sharaɗi ne, na biyu sanadi. Ƙofa sharaɗi ce ta shiga ɗaki, amma ba ita ke zaɓar wanda zai shiga ba. Tambayar da ta rage ita ce: da aka buɗe ƙofar, me ya sa gyaɗa ce ta shiga?

Jirgin auduga

Waɗanda suka shimfiɗa layin ba gyaɗa suka sa a gaba ba. Masaƙun Lankasha a Ingila suna neman inda za su samu auduga ban da Amurka, shi ya sa aka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Birtaniya a 1902, wadda mutanenmu suka riƙa kira Bisije. Sun karanta labarin matafiya irin su Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851 ya ga saƙa da rini da yadda tufafin Kano ke kaiwa nesa. Suka yi nasu lissafin: ƙasa ce mai noma auduga da yawa, abin da ya rage mata hanya ce. Bisije tana cikin masu matsa wa gwamnati lamba a gina layin, ta kuma kafa injin gurzar auduga a Zariya tana jiran kaya.

Kayan bai zo yadda aka zata ba. Bisije ta sa farashin kwabo ɗaya a kan kowace laba ta audugar da ba a gurza ba, masu kaɗi da masaƙan gida kuwa suna biyan abin da ya fi haka, musamman a Kano. Manomi ya kai audugarsa inda ta fi daraja. Yawan audugar da Turawa suka gani alama ce ta ƙarfin masana'antar gida, su kuma suka ɗauka rara ce mai jiran mai saye. Su ma tafiya tare suka gani suka zaci sanadi.

A nan tarihi ya yi mana gwajin da ba za mu iya yi da kanmu ba. Jirgi ɗaya, shekara ɗaya, manoma ɗaya, amfanin gona biyu. Sauƙin dako ya samu auduga kamar yadda ya samu gyaɗa, har auduga ta fi samun gata don gwamnati na bayanta. Ɗaya ta tashi, ɗaya ta zauna. Abin da ya shafi duka biyun daidai wa daida ba zai zama bayanin bambancinsu ba. Haka nan idan muka bi layin daga kudu, ya ratsa Ilori, ƙasar Nufe da ƙasar Gwari kafin ya iso Kano, kuma babu inda aka ga irin abin da aka gani a Kano. Dole akwai abin da Kano da gyaɗa suke da shi wanda sauran ba su da shi.

Abin da ke ɓoye a bayan shekarun

Abu na farko ba a ƙasarmu ya faru ba. A 1902 wani masanin haɗa magunguna Bajamushe, Wilhelm Normann, ya yi rajistar dabarar daskarar da man tsirrai ta hanyar haɗa shi da iskar haidurojin. Kafin nan kitsen dabbobi ne ginshiƙin majarin, wato man shafa wa burodi da talakan Turai ke saye a madadin man shanu. Zuwa wajen 1910 masana'antu sun fara amfani da dabarar sosai, sai man gyaɗa ya samu sabuwar kasuwa mai faɗi. Wannan ba shi da wata alaƙa da layin dogon Kano. Sun dai haɗu ne a shekaru guda. Wanda ya dubi Kano kaɗai jirgi zai gani, don jirgi yana da hayaƙi da ƙara, farashin mai a Libaful da Hambag kuwa ba a ganinsa daga Fagge.

Abu na biyu lissafin manomi ne. Ƙasar da ke kewaye da Kano jigawa ce mai sauƙin haƙa, irin wadda gyaɗa ke so. Ana shuka ta a tsakanin gero da dawa, tana nuna cikin kamar wata huɗu, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarta kuma abincin dabbobi ce da rani. Uwa uba, idan mai saye bai zo ba ko farashi ya karye, ana cin ta. Auduga tana son ƙasa mai nauyi, tana daɗewa a gona, tana gajiyar da ƙasa, kuma ba a tuwo da ita. Ga magidancin da ya san fari ba baƙo ba ne, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Shaidar cewa ƙasa tana da ta cewa ta zo daga baya: da aka kawo irin auduga na Amurka, nomanta don fitarwa ya kafu a wuraren da ƙasarsu ta dace, kamar Funtuwa, Gusau da sassan Zazzau.

Abu na uku mutane ne. Kamfanonin Turawa da suka kafa kantuna kusa da tashar jirgi ba su san ƙauyuka ba, ba su jin harshe sosai, ba su san wanda za a ba bashi ya dawo da shi ba. Waɗanda suka san wannan su ne fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, masu jari da yara da amintattu a kasuwannin karkara tun zamanin tafiya Gwanja. Su suka karɓi kuɗi da haja daga kamfanoni, suka watsa yaransu ƙauyuka suna shaida wa manoma farashi, suna ba da gishiri da tufafi da kuɗi kafin kaka, suna tara gyaɗa a kan jakuna da raƙuma zuwa tasha. Masanin tattalin arziki Jan Hogendorn, wanda littafinsa kan asalin wannan ciniki ya fito a 1978, ya nuna rawar da irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo suka taka. Alhassan Ɗantata, wanda daga baya ya zarce kowa, shi ma daga fataucin goro ya fito. Jirgi ya kai Kano, amma bai kai gonar kowa ba. Tsakanin tasha da gona hanyar fatake ce.

Saboda haka abin da ya faru a 1912 da 1913 haɗuwar abubuwa huɗu ne: sauƙin dako, sabon farashi, ƙasa da manoman da suka dace, da 'yan kasuwa masu iya haɗa su. Ba a raba musu lada kashi-kashi a ce jirgi yana da rabi, fatake suna da rubu'i. Sun fi kama da lambobin da ake ninkawa: idan ɗaya ya zama sifiri, sakamako sifiri ne.

To haraji fa?

Akwai wani bayani mai ƙarfi da ke cewa ba riba ce ta ja manomi ba, haraji ne ya tura shi. Turawa sun ci Kano a 1903, suka yi ta ƙoƙarin kawar da wuri, suka mayar da haraji ana biyansa da sulallansu. Mai neman sule dole ya sayar da abin da masu sule ke so. Wannan bayani ma yana da tasa tafiya taren: haraji na kuɗi ya bazu, noman sayarwa ya bazu.

Mu yi masa irin tambayoyin da muka yi wa jirgi. Haraji ya hau kan kowane lardi na Arewa, gyaɗa kuwa a Kano ta fara tashi. Haraji ya riga jirgi zuwa, amma fitar da gyaɗa bai motsa ba sai da jirgi da masu saye suka zo. A 1915 abin da aka fitar ya faɗi ƙwarai, bayan yunwa da kuma yaƙin da ya rufe kasuwar Jamus ya rage jiragen ruwa, ba don an yafe wa kowa haraji ba. Ga kuma masaƙi da marini da mai hatsi, waɗanda ke iya samun kuɗin haraji ba tare da gyaɗa ba. Duk wannan yana nuna haraji bai isa ya bayyana farkon abin ba.

Amma idan muka matsa zuwa shekarun 1930 sai hoton ya juya. Kasuwar duniya ta karye, farashin gyaɗa a Kano ya faɗi warwas, haraji bai sauka daidai da faɗuwar ba, gyaɗar da ake fitarwa kuma ta ƙaru maimakon ta ragu. Wanda riba ce kaɗai ke jansa zai rage noma idan farashi ya faɗi. Wanda ke da adadin kuɗin da dole ya kai wa dagaci, ko bashin da ya ci kafin kaka, ƙarawa zai yi. Wannan alama ce mai nauyi cewa a lokacin haraji da bashi sun zama masu tuƙi. Ko a nan ma akwai abin lura, domin a daidai waɗannan shekaru layin dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, motocin lodi kuma suka shiga garuruwan da da ba su cikin cinikin. Wani ɓangare na ƙarin sababbin manoma ne, ba tsofaffi ne suka ninka ba. Hanyar rarrabewa ita ce a dubi gundumomin da suka daɗe cikin cinikin su kaɗai, a ga ko su ma sun ƙara. Jimillar ƙasa baki ɗaya ba za ta faɗa mana ba.

Darasin shi ne abin da ya fara al'amari ba lalle ne ya zama abin da ya riƙe shi ba. Wanda ya ce riba ce da wanda ya ce tilas ce suna iya yin gaskiya su duka, idan kowanne ya faɗi shekarun da yake magana a kai.

Waɗannan rassa na Nguru da Ƙauran Namoda suna koya mana wani abu kuma. Taswira za ta nuna layin dogo da yankunan gyaɗa da auduga sun kwanta a kan juna, mai gaggawa ya ce ga hujja. Amma an shimfiɗa rassan ne zuwa inda aka riga aka ga kaya ko aka tabbatar za a samu. A 1911 jirgi ya riga gyaɗa, a 1930 gyaɗa ce ta kira jirgi. Kudancin Nijar ma shaida ne: Maraɗi da Damagaram sun zama ƙasar gyaɗa ba tare da an kafa musu ko taku ɗaya na layin dogo ba, motoci ke kwaso ta zuwa tashoshin Najeriya. Abin da ke aiki shi ne kuɗin kai tan ɗaya bakin teku, ko da wane abin hawa aka rage shi. Hatta dalar gyaɗa da muke alfahari da ita, rabinta shaidar yawan noma ce, rabinta shaidar cewa jirgi ya kasa kwashe kaya a kan lokaci, sai aka tara buhuna ana jiran taragu.

Yunwar 1914

Inda wannan bambanci ya fi nauyi shi ne inda aka rasa rayuka. Daminar 1913 ta gaza, 1914 ta zo da yunwar da ake tunawa da ita da sunan Kakalaba. Ta zo ne shekara guda bayan tashin gyaɗa, don haka zargi bai yi wuyar samun wurin sauka ba: manoma sun bar hatsi sun bi kuɗi, yunwa ta kama su.

Gwajin a nan shi ne a tambaya ko an yi yunwar a inda ba a sayar da gyaɗa. An yi. Farin ya ratsa yankin Sahel, ya taɓa ƙasashen da yau ake kira Mali, Nijar da Cadi, har da wuraren da babu jirgi babu kantin gyaɗa. Fari ne sanadin yunwar, kuma da an yi ta ko da jirgi bai zo ba. Sai dai wannan bai wanke sabon tsarin ba, ya dai sauya tambayar. Michael Watts, a littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewa, ya kawo hujjar cewa harajin da ake karɓa da kuɗi ba sassauci, da sayar da hatsi don biyansa, sun rage abin da ke cikin rumbu da hanyoyin da jama'a ke tallafar juna da su a baya. Tambayar da ta dace ita ce: a tsakanin garuruwan da ruwa ya gaza musu daidai, waɗanne ne suka fi jigata, kuma me ya bambanta su? Abin da ya kunna wuta daban, abin da ya busar da ciyawa daban, kuma kowanne yana da nasa alhakin.

Me ya kashe ta?

Irin wannan gajeriyar amsa muke bayarwa game da ƙarshen labarin. Muna cewa fetur ya zo, gyaɗa ta mutu. Shekarun sun dace: kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabo daga 1973, dalar Kano kuma ta ɓace a cikin shekarun nan. Amma a daidai lokacin an yi farin 1972 zuwa 1974, a 1975 cutar da kwarkwatar ganye ke yaɗawa ta cinye gonakin gyaɗa, hukumar sayen amfanin gona ta daɗe tana biyan manomi ƙasa da farashin duniya, masu matse mai na cikin gida kuma suna shanye abin da aka noma. Nijar ba ta haƙo fetur a lokacin ba, duk da haka cinikin gyaɗarta ya rushe a shekarun nan. Wannan yana nuna fari da cuta sun isa su kayar da ita. Abin da ya fi dacewa a tuhumi fetur da shi shi ne hana ta tashi bayan ta faɗi, ta hanyar janye ma'aikata zuwa birane da sa kayan da muke fitarwa su yi tsada a waje. Kwatancen ma yana da iyaka, don Nijar ta samu nata kuɗin yuraniyom a wannan zamani.

Wannan ba gardamar malamai kaɗai ba ce. Duk lokacin da aka yi alkawarin dawo da dalar gyaɗa, akwai wani bayani na tarihi a ƙarƙashin alkawarin. Wanda ya yarda jirgi ne ya kawo ta zai shimfiɗa layi ya zauna jira, kamar yadda Bisije ta kafa injinta a Zariya ta zauna jiran auduga. Tambayoyin da manomin 1912 ya yi su ne har yau ke yanke hukunci: nawa za a biya ni, wa zai zo ya saya, me zan rasa idan na ba ta gonata, kuma idan mai saye bai zo ba, me iyalina za su ci?